Bashin Hunturu, Bazara Ke Biya

Akwai kalmar da nake yawan ji a bakin masu buga gem idan na'urarsu ta fara nauyi: "Ta tsufa." Suna faɗinta kamar suna maganar jaki ko tsohuwar mota. Sai dai ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta gajiya irin ta jaki. Wadda ta yi lissafi da wani sauri ranar da aka sayo ta, za ta iya yin sa da wannan saurin bayan shekara shida, muddin aka bar ta ta sha iska. Abin da muke kira tsufa, sau da yawa na'urar ce da kanta take rage gudu da gangan don kada ta ƙone. Haka aka ƙera ta. A garuruwa irin Kano kuwa, inda nake zaune nake sana'ar rubuta manhaja, abu biyu ne suke haɗa kai su tilasta mata hakan, kuma ba tare suke zuwa ba. Ƙura tana zuwa da hunturu, zafi yana zuwa da bazara.

Wutar da kwamfuta take sha ba ta ɓacewa. Kusan dukkanta tana komawa zafi. Katin hoto, wanda manhajoji suke rubutawa GPU, shi ne ke zana duk abin da kake gani a gem, kuma shi ya fi kowa shan wuta. Katin GTX 1060, wanda har yau yake cike da ɗakunan samari, an yi shi ya sha wat 120. Ka tuna yadda tsohon ƙwan lantarki mai wat 100 yake ƙona yatsa, sannan ka ƙaddara an tara duk zafin nan a kan wani ɗan fili da bai fi tambarin wasiƙa ba. Dole a kwashe shi da sauri. Shi ya sa ake ɗora masa wani ƙarfe mai siraran haƙarƙari jere da juna, irin na lagireton mota. Zafi yana hawa haƙarƙarin, fanka tana tura iska ta tsakaninsu, iskar ta tafi da shi. Dabarar ke nan gaba ɗaya, a kwamfuta da PS4 da PS5 duka.

To, ƙurar hunturu ba irin yashin da ake sharewa a tsakar gida ba ce. Wani kaso mai yawa nata yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, iskar arewa maso gabas ta ɗauko ta daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris. Laushinta kamar hoda, tana shiga ɗaki ko an rufe taga. Fankar kwamfuta kuma aikinta ja: duk sa'ar da ka yi kana wasa, tana zuƙo iskar ɗakin ta bi da ita ta cikin haƙarƙarin nan. Zaren kafet da na labule su suke fara maƙalewa a baki, su zama raga, sai hodar ta zo ta cike ramukan ragar. A hankali sai a samu wani abu kamar bargo a bakin ƙarfen. Fanka tana juyawa, tana ƙara, amma iska ba ta ratsawa.

A watan Afrilu ƙanena, wanda yake karatu a jami'a, ya same ni da maganar sayar da kwamfutarsa. Tawa ce a da, na bar masa lokacin da na sayi ta aiki, kuma da ita yake gem, da ita yake koyon zane. "Yaya," in ji shi, "katin nan ya mutu. Gara a rabu da shi tun yana da sauran daraja." Ya riga ya sami mai saye a kan kuɗi kaɗan, ya kuma fara tunanin inda zai ranto cikon kuɗin wani. Na tambaye shi yadda ciwon yake. Ya ce idan ya fara wasa komai lafiya, sai an yi kamar minti goma sannan hoto ya fara sarƙewa, fanka ta ɗauki kuka kamar injin markaɗe. Idan ya kashe ya je ya ci abinci ya dawo, sai ta sake yin lafiya na minti goma. Da asuba ma, in ji shi, tana daɗewa kafin ta fara.

Wannan bayanin kaɗai ya nuna hanya, domin kowane irin nauyi da kamanninsa. Idan gem ya fi ƙarfin na'ura, tun minti na farko za ka gani, ba zai jira ba. Idan matsalar intanet ce, hoto yana tafiya sumul amma abokan wasa suna tsalle daga wuri zuwa wuri, kuma da ka buga kai kaɗai sai ta ɓace. Nauyin zafi shi ne mai jira. Ƙarfen sanyaya yana ɗaukar mintuna kafin ya cika da zafi, kamar yadda tukunya ba ta tafasa da ɗora ta. Yana zuwa a makare, hutu yana kore shi, kuma ya san bambancin azahar da asuba. Katin da ya mutu bai san ƙarfe nawa ba.

Amma gani ya kori ji, don haka na ce kada ya amsa wa mai sayen sai mun auna. Duk kwamfutar da take da katin Nvidia tana zuwa da wani ɗan umarni da ake bugawa a tagar `cmd`:

```
nvidia-smi --query-gpu=temperature.gpu,clocks.gr,fan.speed,power.draw --format=csv -l 5
```

Kowane sakan biyar zai rubuto abu huɗu: zafin katin, saurin bugunsa, ƙarfin fanka, da wutar da yake sha. Wanda bai son buga umarni zai iya sauke manhajar GPU-Z, kyauta ce, ya buɗe shafin `Sensors`. Can akwai wani layi mai suna `PerfCap Reason` da yake faɗin abin da ke riƙe katin. Idan ya nuna `Thrm`, katin ne yake cewa da bakinsa zafi ne ya hana shi gudu. Sai abu na biyar wanda kwamfuta ba za ta gaya maka ba, wato zafin ɗakin. Ma'aunin zafi na bango mai araha ya isa.

Mun kunna gem da ƙarfe uku na rana, ɗakin yana digiri 37. A farko katin yana gudu a 1870 MHz, yana shan wat 117, allo yana nuna hotuna 60 a sakan. Zafi ya dinga hawa, 65, 74, 80. A minti na tara ya kai 83 ya tsaya cak, kamar wanda ya ci karo da bango. Bangon gaske ne: digiri 83 shi ne iyakar da aka sa wa irin wannan katin ya riƙa kiyayewa. Daga nan sauran lambobin suka fara sauka. Fanka ta ƙure, gudu ya koma wajen 1560, wuta ta koma wat 85, hotuna suka faɗo 50, wani lokaci ƙasa da haka.

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Suna duba zafi, su ga 83 bai motsa ba, su ce ai ba ya hawa, ashe ba zafi ba ne. Alhali tsayawar ita ce shaida. Katin yana biyan bashin zafi da gudunsa, don haka lambar zafi take zama wuri ɗaya, ta gudu take zubewa.

Lambar da na fi duba a irin wannan awo ita ce tazara tsakanin zafin ɗaki da zafin kati. Daga 37 zuwa 83, tazarar digiri 46 ce, kuma an same ta ne da wat 85 kacal. Wato kowane wat 10 yana ɗaga katin sama da digiri 5. Da wannan lissafin za ka gane dalilin da ya sa ƙanena bai ga komai ba a Fabrairu, lokacin da ƙurar ta riga ta taru. A ɗaki mai digiri 24, katin yana da filin digiri 59 kafin ya taɓa 83. Ko da bargon ƙura a kansa, wannan filin ya ishe shi ya sha kusan wat 110, kusan duk ƙarfinsa ke nan. Sanyi ya rufa wa ƙura asiri. Da ɗaki ya hau 37, filin ya ragu zuwa 46, asiri ya tonu. Hunturu ne ya ci bashin, bazara aka zo wa biya, shi ya sa kowa yake zagin zafin Afrilu, ba wanda yake tuna hazon Janairu.

Kafin mu kwance ko noti ɗaya, mun yi wani gwaji mai sauƙi. Muka cire murfin gefen akwatin muka sake kunna gem. Katin ya daɗe kafin ya kai 83, gudunsa ma bai faɗi sosai ba, amma dai ya kai. Wannan ya nuna matsalar kashi biyu ce. Da cire murfi ya warware komai, da mun san akwatin ne kawai ba ya samun iska. Da bai canza komai ba, da mun san laifin yana jikin katin shi kaɗai. Tunda ya rage bai kawar ba, to ragar gaban akwati ta toshe, haƙarƙarin katin ma sun toshe. Cire murfi gwaji ne, ba magani ba. Akwatin da aka bari a buɗe ƙura ta ko'ina take shigarsa.

Sharar kanta ba ta da wuya, amma tana da ƙa'idoji. Mun kashe kwamfutar, mun zare waya daga soket, mun danna maɓallin kunnawa na 'yan sakan don ragowar wuta ta fita, sannan muka fitar da ita tsakar gida. Duk wanda ya busa kwamfuta a cikin ɗaki, ƙurar za ta yi yawo ta dawo inda ta fito. Kafin na taɓa komai na ciki sai da na dafa ƙarfen akwatin. Ka san tartsatsin nan da yake tashi idan ka ja bargo da dare a lokacin sanyi, ko ka taɓa ƙofar mota ta ɗan ja ka? Busasshiyar iska ce take tara shi a jiki, kuma wanda bai kai ka ji shi ba ma yana iya lalata ƙananan sassan kwamfuta. Dafa ƙarfe yana sauke shi.

Ragar gaba mun cire ta mun wanke da ruwa, muka shanya har ta bushe ƙarau. Katin kuma mun kwance notinsa, mun danna ɗan makullin da yake riƙe shi a mazauninsa, mun zaro shi. Da na ɗaga shi saitin rana, haske ba ya ratsa haƙarƙarin. Wannan shi ne gwajin ido mafi sauƙi: ƙarfe mai tsabta ana hango haske ta cikinsa. Da busasshen burushin fenti muka sassauta bargon, sannan muka busa da ƙaramar bulowar lantarki irin ta masu gyara, daga ɗan nesa, kaɗan-kaɗan, ta yadda ƙurar za ta fita waje maimakon ta ƙara nutsewa ciki.

Ƙanena ya so ya bar fankar tana juyawa da iskar bulowa, saboda ƙarar tana ba shi dariya. Na ce ya danne ta da yatsa. Iska mai ƙarfi tana juya fanka fiye da saurin da aka yi ta dominsa, ta cinye mazaunin da take juyawa a kai, kuma fankar da ake juyawa da ƙarfi tana komawa ɗan janareta ta tura wuta baya. Ya kuma kawo shawarar mu kai wa mai faci ya busa mana da injinsa. Wannan iskar ta yi ƙarfi da yawa, kuma tankinta yakan tara ruwa da ɗigon mai, abubuwa biyu da ba ka son su sauka a kan allon lantarki. Akwatin wuta, wanda wayar soket take shiga, daga waje kawai muka busa shi. Ba a buɗe shi, domin yana iya riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare waya.

Da muka mayar da komai, washegari muka maimaita awon a gem ɗaya, wuri ɗaya, ƙarfe uku, ɗaki yana 37 kamar jiya. Katin ya tsaya a digiri 76, fanka a kashi 72 cikin ɗari, gudu 1870, wuta wat 117, hotuna 60 har bayan sa'a guda. Tazarar ta koma 39 duk da ƙarin wutar da yake sha. Kowane wat 10 yanzu digiri 3 da ɗan ɗori yake ɗagawa. Ba mu sayi komai ba. Ƙanena ya kalli allo ya ce, "Yaya, ashe kyauta na kusa ba mutumin nan."

Ba mu taɓa man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen sanyaya ba, wanda masu gyara suke kira tamal fes, duk da cewa shi mutane suka fi saurin cewa a canza. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kuma gaskiya yakan bushe bayan shekaru. Amma yana da alamarsa daban. Idan ƙura ce, zafi yana hawa a hankali, kuma ƙarfen sanyaya yana yin zafi ƙwarai. Idan man ne ya bushe, zafi yana tsalle cikin 'yan sakan da fara gem, ƙarfen kuma ɗumi kawai yake yi, saboda zafin bai samu hanyar isa gare shi ba. Sai an share ƙura an sake awo, an ga tazarar ba ta sauko ba, sannan ake zuwa kansa. Kwance shi yana da haɗarin yaga 'yan katifun da ke kan sauran sassan katin, don haka ba aikin da ake yi don marmari ba ne.

Shara tana da iyaka. Tana rage tazara, ba ta rage zafin ɗaki. Digiri 76 ɗin nan bakwai ne kawai tsakaninsa da bango, kuma akwai ranakun da ɗaki mai rufin kwano yake haura 40. Fankar sama ba ta sanyaya iska. Mu take sanyayawa, saboda muna gumi, kamar yadda randa take sanyaya ruwa saboda tana tsatsa. Kwamfuta ba ta gumi. Abin da fankar ɗaki take mata kawai shi ne kore iskar zafin da ta taru a bayanta. Saboda haka hanyar da ta rage ita ce rage zafin tun daga tushe. A manhajar MSI Afterburner akwai ma'aunin `Power Limit`. Mun sauke shi zuwa 85, katin ya koma shan wajen wat 100, gudu ya sauka zuwa 1810, zafi ya koma 72. Ido bai ga bambanci ba, domin ƙarshen gudun kati shi ya fi cin wuta: ɗan ƙarin sauri kaɗan, zafi mai yawa. Mun kuma ƙayyade hotuna a 60, tunda allonsa iya abin da yake nunawa ke nan. Duk hoton da kati ya zana sama da haka, zafi ne kawai da kuɗin wuta.

Sai wurin zama. Kwamfutar a ƙasa take, kan kafet, bayanta manne da bango. Mun ɗora ta a kan tebur, mun bar mata tazarar taƙi guda a baya. Fankokin gaba biyu suna shigo da iska ta raga, ta baya ɗaya tana fitarwa, kuma haka ya kamata. Idan mai shigowa ta fi mai fita yawa, rarar iska tana fita ta kowace kafa, ƙura ba ta samun shiga sai ta raga. Idan mai fita ta fi yawa, akwatin yana zuƙo iska ta kowane tsagi, ragar ta zama ado.

Masu PS4 da PS5 ba su da waɗannan lambobin, sai kunne. Na'urar tana ƙara wa fanka ƙarfi har ta cika ɗaki da ƙara, idan abin ya gagara ta rubuta gargaɗi irin `The PS4 is too hot`, ko ta kashe kanta. Takardar da take zuwa da su ta ce a yi amfani da su tsakanin digiri 5 da 35, wato ɗakin Kano da azahar ɗin Afrilu ya riga ya haura iyaka tun kafin ƙura ta sa baki. Kabad ɗin talabijin mai ƙofar gilashi shi ne babban abokin gabansu, domin iskar da suka fitar ita suke sake shaƙa. PS5 tana bukatar aƙalla santimita 10 tsakaninta da bango. Samfurinta na farko, na 2020, idan ka zare farin murfinsa za ka ga ramuka biyu da aka yi musamman don tara ƙura, a zuƙe ta da injin shara. Kada dai a wuce nan a kwance ƙarfen sanyaya, domin maimakon man da na ambata, narkakken ƙarfe aka sa a wurin, kuma idan ya zuba a kan allo yana haɗa wuta. Mayafin da ake lulluɓe na'ura da shi kuwa yana da amfani, amma sai bayan an kashe ta gaba ɗaya ta huce. Wadda aka bari a yanayin barci tana sauke gem, aiki take yi, tana bukatar iska.

Lokacin shara shi ne abin da ya fi sauƙin kuskurewa. Wanda ya jira sai na'ura ta fara kuka, ya riga ya bar ta ta yi makonni tana dafuwa. Wanda ya bari har damina ta sauka, laima za ta jiƙa hodar ta kama ƙarfe kamar yaɓe, bulowa ba za ta ɗaga ta ba sai an kankare. Ni a tsarina, raga duk bayan mako biyu ne muddin ana hazo, babbar shara kuma farkon Maris, da zarar sama ta fara washewa kafin zafi ya kankama. A ranar nake rubuta lambobi huɗu a ɗan takarda in manna a jikin akwati: zafin ɗaki, zafin kati, wat, da ƙarfin fanka. Duk ranar da tazarar ta ƙaru da digiri biyar ko shida a gem ɗaya da wat ɗaya, na san bargo ya fara haɗuwa, ko da hoto bai sarƙe ba tukuna.